Kowa na cewa nasa ne na gaggawa: yadda manaja zai tace buƙatun da ke zuwa teburinsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manaja ne a reshen wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, da ma'aikata 14 a ƙarƙashina. Daga safe har Magariba waya ba ta tsayawa, ƙofa ba ta rufuwa, kuma kowa cewa yake yi nasa na gaggawa ne. Na gwada jadawalin nan mai gida huɗu na gaggawa da muhimmanci, amma sai na ga komai ya taru a gida na farko. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuskuren ba a zanen jadawalin yake ba, yana wajen ma'aunin da kake saka abubuwa da shi. Jadawalin yana raba ayyuka gida huɗu: na farko na gaggawa masu muhimmanci, na biyu masu muhimmanci marasa gaggawa, na uku na gaggawa marasa muhimmanci, na huɗu kuma waɗanda ba gaggawa ba muhimmanci. Amma ba ya tace komai da kansa, gidaje ne kawai kamar gidajen dara, kuma idan mutum bai tsayar wa kansa abin da yake nufi da gaggawa da abin da yake nufi da muhimmanci ba, to muryar mai roƙo ce za ta yanke masa hukunci. Wanda ya fi ɗaga murya, ko ya fi girma, ko ya tsaya a kanka yana jira, shi ne zai shige gida na farko.

Asalin maganar ma yana nuna haka. A watan Agusta na 1954 shugaban Amurka Dwight Eisenhower ya yi jawabi a garin Evanston da ke jihar Illinois, inda ya ambato wani tsohon shugaban kwaleji da ya ce matsalolinsa iri biyu ne, na gaggawa da masu muhimmanci, kuma na gaggawar ba su da muhimmanci, masu muhimmancin kuwa ba su taɓa zama na gaggawa ba. Akwai ƙari a cikin wannan magana, domin gobara a sito ta haɗa duka biyun, amma abin da ake so a fahimta shi ne cewa abubuwa biyu ne daban. Jadawalin mai gida huɗu ya yaɗu ne daga baya, musamman ta hanyar littafin da Stephen Covey ya fitar a 1989. Kuma ruɗa su da kake yi ba rauninka ba ne kai kaɗai. A 2018 masu bincike uku, Meng Zhu da Yang Yang da Christopher Hsee, sun wallafa gwaje-gwajen da suka nuna cewa mutane kan zaɓi aikin da aka ce wa'adinsa ya kusa ƙarewa, ko da wani aikin da ke gabansu ya fi shi lada kuma bai fi shi wahala ba. Wato wa'adi kaɗai yana jan hankali, ko da babu komai a bayansa.

Saboda haka kana bukatar tambayoyi biyu da ba su dogara da yadda ka ji a ranka ba. Ta gaggawa ita ce: idan ban taɓa wannan abu ba har gobe war haka, wace asara ce za ta auku wadda ba za a iya gyara ta ba? Dole amsar ta zama abin da za ka iya ambata da suna, kamar tara, ko kaya da za su lalace, ko mota da za ta kwana a hanya da lodi. Idan amsar ita ce wane zai ji haushi, to matsi ne, ba gaggawa ba. Ta muhimmanci kuma ita ce: shin wannan abu ya taɓa ɗaya daga cikin abubuwan da za a tuhume ni a kansu a ƙarshen shekara? A reshe irin naka waɗannan abubuwa ba su wuce huɗu ba: yawan cinikin da aka yi, bashin da ke hannun diloli, daidaituwar kayan sito da abin da ke cikin littafi, da lafiyar ma'aikata da motoci. Ka rubuta naka a takarda, ka nuna wa shugabanka ya tabbatar da su, domin idan kai da shi ba ku yi ittifaƙi a kan abin da ke da muhimmanci ba, duk tacewar da za ka yi zato ce.

Akwai tambaya ta uku da jadawalin bai zo da ita ba, kuma a ganina ita ce ta fi amfani ga mai ma'aikata 14: wane ɓangare na wannan aiki ne ba wanda zai iya yi sai ni? Sau da yawa abu yana da gaggawa kuma yana da muhimmanci ga reshe, amma rabonka a cikinsa minti goma ne, sauran na wani ne.

Bari mu ɗauki misalin wata Litinin, 19 ga wata, mu bi ta daki-daki. Ka shigo ƙarfe takwas, kafin ƙarfe tara abubuwa shida sun same ka. Akanta na son ka duba takardun harajin VAT ka sa hannu. Direba ya kira daga hanyar Wudil cewa mota ta lalace da kayan wani dila na Dutse. Hedikwata ta turo saƙo cewa a aiko da sunayen ma'aikata da lambobin wayarsu kafin azahar. Babban dilanka, dattijo ne da kake jin nauyinsa, ya kira ka da kansa yana tambayar yaushe sukari zai iso. Mai kula da sito yana ta shigowa da takardun fitar da kaya. Sannan wani ɗan unguwarku na zaune a waje yana son ganinka kan neman aiki.

Takardun harajin suna da wa'adi na gaske, domin a Najeriya ana miƙa bayanan VAT zuwa ranar 21 ga watan da ke biye, kuma saɓawa na jawo tara. Sun shiga gida na farko, amma lura cewa wa'adin Laraba ne, ba ƙarfe tara na safiyar Litinin ba, don haka abin da suke bukata shi ne ka ba su lokaci tsayayye, a ce minti 40 bayan azahar, ka gaya wa akanta haka, ya koma kan aikinsa. Motar da ta lalace ita ma ta gida na farko ce, kuma ita ce kaɗai ba za ta jira ba. To amma me ke naka a ciki? Ka amince da kuɗin gyara ko na hayar wata mota, sannan ka kira dilan Dutse ka shaida masa da bakinka. Neman bakanike, da bin direba a waya duk rabin awa, da tabbatar da an juye kaya, aikin mai kula da motoci ne. Manajoji da yawa suna ƙarar da yini guda a kan irin wannan, su koma gida suna jin sun yi aiki, alhali minti goma ne nasu a ciki.

Saƙon hedikwata shi ne cikakken ɗan gida na uku, wato mai wa'adi amma bai taɓa ko ɗaya daga abubuwanka huɗu ba. Dole a yi shi, sai dai ba da hannunka ba. Ka tura wa magatakardan ofis, ka ce ya aika kafin sha biyu ya sa ka a kwafi. Kiran dattijon dila kuwa ya fi wuyar sha'ani, kuma a nan ne nake ganin masu koyar da jadawalin a takarda suke kuskure. Tambayarsa ta gida na uku ce, domin kowane ma'aikacin sashen ciniki ya san ranar isowar sukari. Amma alaƙarka da shi ta gida na biyu ce, tana da muhimmanci ƙwarai. Idan ka ƙi ɗaukar wayarsa ka tura masa yaro, ka yi asarar abin da ya fi minti biyar ɗinka daraja. Abin yi shi ne ka ɗauka, ku gaisa yadda ya kamata, ka ba shi amsa, sannan ka ce: "Alhaji, zan sa wane ya riƙa sanar da kai duk ranar da kaya suka taso, tun kafin ka tambaya." Idan aka cika wannan alkawari sau biyu ko uku, kiran zai ragu da kansa, domin ba muryarka yake nema ba, labarin kayansa yake nema. Sai kai kuma ka sa ziyararsa a shagonsa sau ɗaya a wata cikin kalandarka.

Ɗan unguwar da ke waje, kada ka jefa shi gida na huɗu ka ce ɓata lokaci ne, domin zumunci ba shara ba ne. Matsalarsa ita ce ya zo a lokacin da ba nasa ba. Ka fita ku gaisa a tsaye, ka ce ya dawo bayan la'asar ko ya same ka a gida, kuma idan babu gurbi ka gaya masa gaskiya tun ranar, maimakon "za mu gani" da za ta dawo maka da shi sau biyar.

Na bar mai kula da sito a ƙarshe da gangan, domin shi ne ya fi kowa cin lokacinka, kuma shi ne ba ka taɓa lissafawa. A ce yana shigowa sau 25 a yini, kowace shigowa da gaisuwa da dubawa da sa hannu minti huɗu. Minti 100 ke nan a yini, sama da awa takwas a kwana biyar, wato yini guda cur a kowane mako, ban da lokacin da hankalinka ke ɗauka kafin ya koma kan abin da aka katse maka. Idan ka saka kowace takarda a jadawali ɗaya bayan ɗaya, kowace za ta ce maka ita ta gaggawa ce, domin mota na jira a bakin sito. Irin wannan ba a tace shi ɗaya-ɗaya, ana yi masa ƙa'ida ne. Misali, duk kayan da aka riga aka biya kuɗinsu, kuma ƙimarsu ba ta wuce wani adadi da kai da hedikwata kuka yarda da shi ba, mataimakinka ya sa hannu. Kayan bashi, da duk wanda ya haura adadin, su zo gare ka, amma sau biyu a yini, ƙarfe goma da ƙarfe uku. Da yamma ka duba jimillar abin da ya fita cikin minti goma. Wannan shi ne darasin da nake so ka riƙe daga misalin: buƙatar da ta zo sau ɗaya a saka ta a gida, wadda take maimaituwa a yi mata doka.

Yanzu ka dubi abin da bai zo teburinka ba a wannan Litinin. Babu wanda ya kira ka ya ce ka zauna ka duba dilolin da bashinsu ya haura kwana 30. Babu wanda ya tsaya a ƙofa yana cewa akwai katan-katan na madara a bayan sito da wa'adin lalacewarsu ya rage wata biyu. Babu wanda ya matsa maka kan jadawalin yi wa motoci juyen mai da duba taya, ko kan zama da mataimakinka ka koya masa yadda ake tantance dilan da ya cancanci bashi. Waɗannan su ne gida na biyu, masu muhimmanci marasa gaggawa, kuma siffarsu ita ce ba su da mai roƙo. Motar da ta tsaya a Wudil, wata uku da suka wuce tana wannan gida ne da sunan sabis da ba a yi ba. Mafi yawan abin da ke gida na farko a yau tsohon ɗan gida na biyu ne da aka ƙyale har ya yi ƙaura, shi ya sa Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun da ba su da mai roƙo, rubuta su a jadawali ba ya isa, sai an ba su rana da awa kamar yadda ake ba mitin. Shawarata ita ce ka fara da minti 90 sau uku a mako, ba fiye ba, domin wanda ya ce zai keɓe awa uku kullum yakan rushe a mako na farko ya yanke ƙauna. Ka zaɓi lokacin daga yanayin reshenka. Idan lodi da safe ake yi, kada ka keɓe safiya, domin za a katse ka kuma masu katsewar suna da gaskiya. A rassa da yawa tsakanin sha ɗaya da azahar ya fi lafawa, bayan motoci sun fita. Kowane zama ka ba shi aiki guda mai suna, kamar Talata bashin diloli, Laraba kayan sito masu kusa da lalacewa, Alhamis motoci da horar da mataimaki. Ka shaida wa ma'aikata cewa a wannan lokaci abubuwa uku ne kawai ke buɗe ƙofa: haɗari ko rashin lafiya, kiran shugabanka, da jami'an hukuma. Wayar kuma ka ba mataimakinka ko ka kife ta, domin WhatsApp ba ya gane rufaffiyar ƙofa.

Wa'adodin da ka san suna zuwa duk wata, su ma ka mayar da su wannan gida. Harajin albashin ma'aikata ana biyansa zuwa ranar 10 ga watan da ke biye, kuɗin fansho kuma dokar fansho ta 2014 ta ce a tura shi cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ko da hedikwata ce ke biyan su, akwai bayanan da take jira daga reshe. Abin da ranarsa ke rubuce tun farkon shekara bai kamata ya taɓa zama na gaggawa ba, ka sa wa kowanne ranar cikin gida kwana biyar kafin ta hukuma.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen miƙa aikin gida na uku. Ana cewa a ba wani, amma sai aikin ya zaga ya dawo. William Oncken da Donald Wass sun yi wani sanannen rubutu a 1974 inda suka kwatanta matsalar ma'aikaci da biri a kafaɗarsa, wanda da zarar manaja ya ce bari zan duba, birin ya yi tsalle ya koma kafaɗar manajan. Ka lura da kanka sau nawa kake cewa "ajiye min zan gani". Kowace irin wannan kalma sabon aiki ce ka saya. Miƙawar da ke zama ita ce wadda ka faɗi abin da kake son gani a ƙarshe, da ranar da za a gama, da iyakar ikon da ka bayar, musamman na kuɗi, da lokacin da za a dawo maka da rahoto. Idan ka ce wa mai kula da motoci ya gyara mota amma ba zai iya kashe ko naira dubu ashirin ba sai ya kira ka, ba ka miƙa komai ba. Kuma idan ma'aikaci ya zo da matsala, ka saba da tambayarsa me yake ganin ya kamata a yi. A makon farko za su yi shiru, daga baya za su fara zuwa da shawara, kuma wasu matsalolin ba za su ƙara iso maka ba. Ka kuma shirya wa kuskure, domin za su yi shi. Idan kuskure na farko ya sa ka karɓe sa hannun ka mayar teburinka, ka koma inda ka fito, kuma ba wanda zai sake yarda ya ɗauki nauyi.

Sai buƙatun shugabanka, waɗanda ba za ka iya tura wa magatakarda duka ba, ba kuma za ka ce a'a ba. A nan jadawalin kayan tattaunawa ne. Idan ya turo aiki ya ce yanzu-yanzu, ka fara da tambayar yaushe za a yi amfani da shi, domin sau da yawa "yau" na nufin kafin mitin ɗin Alhamis. Idan da gaske yau ne, ka ce: "Ranka ya daɗe, ina kan takardun harajin da za a miƙa jibi, wanne kake so in fara da shi?" Ba ka ƙi ba, ba ka yi gardama ba, amma ka mayar masa da zaɓin tare da farashinsa, kuma shugaba mai hankali yakan gode da hakan.

Jadawalin yana da iyakoki da ya kamata ka sani. Ba ya auna girman aiki, don haka abin da bai wuce minti biyu ba, kamar ma'aikacin da ke neman izini zai kai ɗansa asibiti, ka amsa masa nan take, tace shi ya fi yin sa tsada. Ba ya kuma jera abubuwan da ke cikin gida ɗaya, idan uku suka haɗu a gida na farko sai ka fara da wanda asararsa ba ta gyaruwa. Gida na huɗu kuwa, na abin da ba gaggawa ba muhimmanci, ba sai na daɗe a kansa ba, domin a wajen manaja irinka yawanci ba hira ba ce ko kallon waya, rahotanni ne da ba wanda ke karantawa da mitin da aka gada ba a san dalilinsa ba. Ka tambayi mai karɓar rahoton ko yana amfani da shi, amsar za ta iya ba ka mamaki.

Kafin ka canza komai, ka yi mako guda kana rubuta duk buƙatar da ta zo: wa ya kawo ta, mene ne, minti nawa ta ci. Layi ɗaya ya isa, a littafi ɗan ƙarami da ke kan tebur. Ranar Asabar ka sa wa kowace lambar gidanta ta hanyar tambayoyin nan, ka tara awannin. Abin da za ka nema shi ne mutum biyu ko uku, ko nau'in takarda biyu ko uku, da suka fi cin lokacin, domin su za ka fara yi wa ƙa'ida. Daga nan kullum da safe minti goma sun isa ka tace na ranar, kuma idan ka ga fiye da abu uku a gida na farko, ka sake bin su da tambayar asara, domin akwai yiwuwar matsi ya sake shigowa da rigar gaggawa.

Bayan mako huɗu ka sake yin irin wannan rubutu na kwana biyar ka kwatanta. Alamar cewa tsarin na aiki ita ce, cikin zama 12 da ka keɓe wa gida na biyu ka samu aƙalla takwas ba a rushe su ba, shigowar mai kula da sito ta sauka, kuma ma'aikata sun fara zuwa da rahoton abin da suka yi maimakon neman izinin abin da za su yi. Idan kuwa ka miƙa abin miƙawa, ka yi ƙa'idojin, amma har yanzu awannin gida na farko da na biyu kaɗai sun haura awa 40 na makon aikinka, to matsalar ta wuce tsara lokaci, aikin ne ya fi ƙarfin kujera ɗaya. Sai ka ɗauki littafin nan da lissafinsa ka kai wa shugabanka, ka nuna masa awannin, ka nemi ko dai a ƙara wa mataimakinka iko a rubuce, ko a ɗauke wa reshen wasu rahotanni, ko a ƙaro mutum.